Zuwa ga masu cewa na cika zaɓe

Inna, don Allah a daina cewa boko ya sa ni girman kai.

Mutumin da kuka haɗa mu, mai saro jakunkuna a Shiling, garin kayan fata da ke gundumar Huadu a Guangzhou, a waya ta uku ya tambaye ni fam nawa jami'a ke ba ni duk wata. Sannan wai gidan Baba na Kano, an raba gadon? Abin da nake karantawa ma bai tambaya ba!

Ban yi masa faɗa ba. Na ce kuɗin karatu ne, haya da abinci ke cinyewa. Maganar gida kuwa, ya turo magabatansa wurin Kawu. Sai na tambaye shi nawa: ina zai ajiye ni, da me zai ciyar da ni? Ai ci da sutura da muhalli a kan miji suke, dukiyar mace kuwa tata ce. Nan take ya koma labarin kwantenarsa da ta maƙale, saura kuɗin jirgin ruwa.

Yaya ta ce ɗan kasuwa ne, lissafi ya saba. To Yaya, jaka ce ni? Yau kwana goma bai sake kira ba.