Awa huɗu tsakanin ƙwaya da ƙwaya: abin da takardar magani ba ta faɗa wa mai ciwon tayirod a Jibiya

A ƙananan ambulan ɗin roba da ake zuba magani a asibitoci da kemis-kemis na Arewa, abin da aka saba rubutawa shi ne adadi: ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Ga magunguna da yawa wannan ya wadatar. Amma akwai wata ƙaramar ƙwaya, lebotairoksin, wadda lokacin shanta da abin da ta tarar a ciki suke daidai da adadinta wajen nauyi. Idan takarda ta ce a sha ta "da safe", ta kuma ce a sha maganin ƙarin jini "da safe", to ta umarci mara lafiya ya haɗiye abu biyu da ɗaya ke kashe ƙarfin ɗayan. Gyaran wannan kuskure ba ya cin ko kwabo, kuma nauyinsa yana kan mai rubuta magani da mai miƙa shi kafin ya hau kan mai sha.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo. Tana fitar da sinadarin tairoksin, wanda ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, har da kaifin tunani. Idan ta gaza, ko aka cire ta a tiyatar maƙoƙo, sai a maye gurbin sinadarin da lebotairoksin, sau da yawa har ƙarshen rayuwa. Wannan dabam yake da kabimazol da ake bai wa wanda tayirod ɗinsa ke aiki fiye da kima. Ƙa'idar da ake magana a nan ta lebotairoksin ce.

Ana auna wannan magani da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin dubu na miligiram. Ƙwayar da babban mutum ke sha takan kasance maikirogiram 50, 75 ko 100. Ƙwayar ƙarin jini ta feros salfet mai miligiram 200 kuwa tana ɗauke da kusan miligiram 65 na sinadarin ƙarfe, wato ta ninka ƙwayar tayirod mai 100 sau ɗari shida da hamsin. Idan suka haɗu a ciki, ƙarfen yakan manne wa tairoksin, su zama dunƙulen da hanji ba ya iya tsotsewa, sai ya wuce tare da bayan gida. Kalsiyam ma haka yake yi. Ko da cikin mutum babu komai, abin da ke shiga jini daga ƙwayar bai wuce kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari ba, don haka duk abin da aka ƙara zaftarewa yana bayyana a jiki.

An gwada wannan tun da daɗewa. A 1992 mujallar Annals of Internal Medicine ta buga binciken Campbell da abokan aikinsa, inda marasa lafiya 14 suka sha feros salfet tare da maganinsu na tayirod tsawon mako 12. Matsakaicin awon TSH ɗinsu ya tashi daga 1.6 zuwa 5.4. TSH sinadari ne da ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa yana zaburar da tayirod. Idan tairoksin ya yi ƙaranci a jini sai ya hau, kuma awon mai lafiya yakan tsaya tsakanin 0.4 da 4.0. A 2000 mujallar JAMA ta buga irin wannan gwaji na Singh da abokansa a kan kalsiyam, da mutum 20, aka ga TSH ya tashi daga 1.6 zuwa 2.7, sannan ya sauka bayan an daina shan kalsiyam ɗin. Daga irin waɗannan bincike ƙa'idar ta samo tushe: a sha lebotairoksin da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a kuma bar tazarar awa huɗu tsakaninsa da ƙarfe, kalsiyam, ko maganin gyambon ciki irin mai farin ruwa da ake kaɗawa.

Inda wannan ya fi zama haɗari shi ne ɗakin awon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai juna biyu ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe kullum tare da folik asid, kuma a wuraren da abinci ke da ƙarancin kalsiyam a ƙara mata giram 1.5 zuwa 2 a rana don rage haɗarin hawan jinin ciki da jijjiga. Shawara ce mai ceton rai. Sai dai mai ciki da ke shan lebotairoksin tana karɓar waɗannan ƙwayoyi ne a daidai lokacin da buƙatarta ta tairoksin ke ƙaruwa da kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari. A watannin farko ɗan tayi ba shi da tairoksin nasa, da na uwa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa, kuma ƙarancinsa na ƙara haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini.

A ƙaddara wata matar aure a Magamar Jibiya, wadda aka yi wa tiyatar maƙoƙo a Katsina aka ɗora ta a kan maikirogiram 100 kullum, awonta kuma yana daidai. Ta sami ciki, ta je awo, aka ba ta jar ƙwaya da farar ƙwaya aka ce kullum. Don kada ta manta, sai ta haɗa su duka da na tayirod ta kora da koko da ƙarfe takwas. Bayan wata biyu tana fama da kasala, jin sanyi, bushewar fata da taurin bayan gida. Uwar mijinta za ta ce laulayi ne, ma'aikaciyar awo za ta ce ƙarancin jini ne, domin alamomin sun yi kama, wataƙila har a ninka mata maganin ƙarin jinin. Idan aka yi sa'a ta koma wajen likita aka ga TSH ya hau, zai ƙara mata adadi zuwa 150, har ma sama, ba tare da ya tambayi da me take haɗa shi ba. Ƙarin farko dama ya wajaba saboda cikin, amma sauran yana cike gurbin abin da ƙarfe ke kwashewa ne. Ranar da ta haihu ta ajiye jar ƙwaya, idan ba a maida ta kan adadinta na da ba, maganin zai shiga jininta da cikakken ƙarfinsa: faɗuwar gaba, gumi, rawar hannu, rashin barci da rama, a cikin jego.

Duk wannan za a iya kauce masa da jadawali mai layi uku, kuma a Jibiya akwai agogon da kowa ke bi. Ta sha ƙwayar tayirod da ruwa idan ta tashi sallar Asuba. Kafin a dama koko ko a haɗa shayi awa guda ta wuce. Maganin ƙarin jini ya koma bayan Azahar, tazarar da ta zarce awa huɗu nesa. Kalsiyam kuma a sha shi da abinci, da La'asar ko da tuwon dare, wanda ya raba shi da ƙarfen, domin su ma biyun suna tauye wa juna shiga jini. Fura da nono, shayi mai madara da awara, wadda ake yi da waken suya, su ma suna rage shigar maganin, don haka kada su zama abin da ake korawa da shi. A game da awo, mai ciki na buƙatar TSH kusan kowane mako huɗu a rabin farko na cikin, wanda ba mai ciki ba kuwa mako shida zuwa takwas bayan kowane canji.

Zaman kan iyaka yana ƙara wa lamarin sarƙaƙiya. Mutanen Jibiya da na Ɗan Isa da Maraɗi dangi ne, kuma neman magani na tsallaka iyaka kamar yadda fatauci ke tsallakawa. Mace na iya ganin likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ta yi awon ciki a Jibiya, a sayo mata magani daga Maraɗi a kwali mai rubutun Faransanci. Hannu uku ke nan, babu wanda ya ga takardar ɗan'uwansa. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun nuna yadda hanyar da aka saba bi ke iya toshewa dare ɗaya, a koma sayen abin da aka samu. Canjin kamfani ba ƙaramin abu ba ne ga wannan magani: a Faransa, sauya haɗin Levothyrox a 2017 ya jawo ƙorafin dubban marasa lafiya, alhali adadin da ke jikin kwali bai canja ba. Wanda ya sauya kamfani ya kamata ya sake awo bayan mako shida.

Akwai masu ganin ƙa'idar ta yi tsauri, kuma tsauri na sa mutane su watsar da magani gaba ɗaya. Suna da hujja. Direban da ke kama hanyar Maraɗi tun duku-duku ba shi da awa guda ta jiran shayi. Lebotairoksin kuma yana daɗewa a jiki, sai kusan mako guda rabinsa ke fita, saboda haka kuskuren rana ɗaya ba ya rushe komai; wanda ya manta ya sha idan ya tuna. Haka kuma safiya ba wajibi ba ce. Wani gwaji da Bolk da abokan aikinta suka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2010, ya nuna shansa lokacin kwanciya yana aiki sosai, muddin an bar kamar awa uku bayan abincin ƙarshe. Wannan ma mafita ce a watan azumi ga wanda ba zai iya tashi awa guda kafin sahur ba. Abin da ake nema shi ne a tsaya a kan tsari ɗaya, a yi awo a kansa. Amma sassaucin ya tsaya a kan lokacin abinci. Ƙarfe da kalsiyam ana fara su a daina, a ƙara a rage, don haka babu adadin tayirod da zai daidaita da su in dai tare ake sha. Kuma daina maganin ƙarin jini don kare na tayirod musayar haɗari ce da haɗari, a yankin da ƙarancin jini ke kashe masu haihuwa.

Abin da ya rage aikin ma'aikata ne. Ma'aikaciyar awon ciki ta tambayi duk wadda ta ga tabon tiyata a wuyanta, ko ta ce tana shan magani kullum, wane ne, kafin ta miƙa mata jar ƙwaya. Mai kemis ya rubuta Asuba a kan ambulan ɗaya, Azahar a kan ɗayan, da Hausa, da boko ko da ajami. Likitan da ya ga TSH ya hau kuwa, kafin ya ɗauki biro ya ƙara adadi, ya fara tambaya: "Hajiya, da ƙarfe nawa kike shan shi, kuma da me kike haɗawa?"