Maudu'i adireshi ne, barkwanci kuwa sai an sake gina shi

A makon jiya wata abokiyar karatuna ta wallafa wannan saƙo a shafinta: "Na shigo gari neman gari, har gari ya waye ban samu ba. #TsadarRayuwa". Masu jin Hausa suka yi ta dariya, sai mabiyanta na Abijan da Dakar suka nemi a fassara musu da Faransanci. Ni aka ɗora wa aikin, kuma daga gare shi na fito da ra'ayin da nake son karewa a nan: mai fassarar irin wannan saƙo kada ya taɓa maudu'in, wato kalmar da ke ɗauke da alamar #, amma ya rushe barkwancin ya gina sabo.

Mu fara da inda dariyar take. Kalmar "gari" ta zo sau uku. Ta farko birni ce, wasalinta na farko gajere. Ta biyu garin tuwo ce, wasalinta na farko dogo. Ta uku tana cikin salon magana "gari ya waye". Da yake rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ido yana ganin kalma ɗaya, hankali yana jin uku. A Faransanci kuwa birni "ville" ne, garin tuwo "farine", kuma babu abin da ya haɗa su a ido ko a kunne. Fassarar kalma da kalma ta ba ni labarin mace da ta rasa cefane. Ma'ana ta tsira, amma dalilin rubuta saƙon ya mutu.

Akwai masu cewa a fassara kai tsaye, sannan a ƙara bayani a ƙasa. Wannan ya dace da kundin bincike. A shafin sada zumunta kuwa, mai karatu yana wucewa da yatsa cikin daƙiƙu kaɗan, kuma barkwancin da aka yi wa sharhi ya zama darasi. Tun a 1959 Roman Jakobson ya nuna cewa inda sauti da ma'ana suka sarƙe, kamar a waƙa da wasa da kalmomi, abin da ya rage wa mai fassara shi ne sake ƙirƙira. Don haka na nemi kalmar Faransanci mai harshen damo, na samu "blé", wadda ke nufin alkama, a bakin 'yan zamani kuma kuɗi. Na rubuta: "Venue en ville chercher du blé, je n'ai récolté que le lever du jour." Abinci da rashin kuɗi sun haɗu a kalma guda, wayewar gari ta zama amfanin gonar da ta girba. Na yi asarar maimaicin nan sau uku, kuma ban musa ba. Amma mabiyan sun murmusa a inda muka murmusa.

Maudu'i kuwa dokarsa daban. Adireshi ne da ake latsawa a tarar da duk saƙonnin da ke ɗauke da shi, kuma wanda ya fassara shi ya fitar da saƙon daga taron da aka rubuta shi dominsa. A 2017, masu magana da Faransanci a Kanada sun yi amfani da #MoiAussi, amma wanda ya latsa #MeToo ba zai ga saƙon da ke ɗauke da na farkon kaɗai ba. Shi ya sa na bar #TsadarRayuwa yadda yake, na ƙara #VieChère a gefensa. Ban ƙago shi ba: kalmomin suna da tarihi a Nijar tun zanga-zangar 2005 kan harajin kayan masarufi. Mu kuma kula da rubutunmu: alamar hamza tana yanke maudu'i, ta yadda #Jama'a zai koma #Jama kawai.

Ƙorafi mafi nauyi a kan ra'ayina shi ne na amana: wa ya ba mai fassara izinin sa wa marubuciya magana a baki? Ƙorafin yana da gaskiya, kuma shi ne ya shata mini iyaka. Saƙon abokiyata nishaɗi ne, kuma sai da na nuna mata fassarar ta yarda kafin a wallafa. Da a ce wani ɗan siyasa ne ya yi habaici da za a iya tuhumarsa a kai, da na fassara kai tsaye na yi bayani, ko da dariyar za ta salwanta, domin a nan abin da ya faɗa ake son sani. Haka kuma barkwancin wasan taubasai ko na tsakanin ƙabilu: wanda bai san alaƙar ba zai ɗauke shi zagi, kuma babu kalma mai harshen damo da za ta gyara wannan. Irinsa, ko a gabatar da shi da jimla ɗaya mai nuna wasa ne, ko a shawarci mai shi ya bar shi a harshensa.