Gyara a Ɓoye Ƙwace Ne



A daina yi mana gyara a ɓoye. Sai mu ba mutum labari ya duba, ya dawo mana da shi fes, babu alamar inda ya taɓa, wai ya rage mana aiki.

Wata 'yar ƙungiyarmu ta sa wani tsoho Basakkwace a labarinta yana cewa, "Mi kaka so?" Mai dubawa ya ɗauka kuskure ne, ya mayar da shi "Me kake so?" bai faɗa mata ba. Sai da littafi ya fito ta ga tsohonta ya koma Bakano. Kuma sunanta ne a bango, ba nasa ba.

Alhali maganin bai fi danna maɓalli ba. A Word, kafin ka taɓa ko harafi ɗaya, shiga Review ka kunna Track Changes. Duk abin da ka goge ko ka ƙara zai fito da launi, mai labari ya bi ɗaya bayan ɗaya: Accept idan ya yarda, Reject idan bai yarda ba. Lanƙwasar da aka manta a "ƙasa" gyara ta kai tsaye. Amma karin harshe ko ma'ana, New Comment za ka danna ka tambaya: "Da gangan ne?"

Wasu na cewa jan layi yana cika shafi. To, ya cika! Gara shafi ya yi ja da mu ga ɓarna bayan an buga.

Mu ma da laifinmu. Wanda ya danna Accept All Changes bai karanta ba, kada ya zo mana da kuka.