"Goge shi kawai" ba shawara ba ce

Jama'a, daga shagunan cajin waya na Kaura Namoda har Shinkafi da Zurmi, duk wanda ya yi kukan wata manhaja na cire masa kuɗi, amsa ɗaya muke ba shi: "Goge shi kawai." Mu daina, cutar juna muke yi.

Wanda ya kama hayar shago ya kwashe kayansa bai sallami mai shago ba, haya na nan tana hawa kansa. Yarjejeniyar biya ba a wayar take ba, tana cikin asusunmu na Google, manne da katin banki. A ce ɗalibar Poli ta karɓi gwajin kyauta na manhajar gyaran hoto, ta goge washegari. Ranar da gwajin ya ƙare za a fara cire, a ce, naira 2,500 duk wata. Wata shida, 15,000 ta tafi, kuɗin da mahaifinta ya sayar da gero ya turo.

Sokewa a Play Store ake yi. A taɓa hoton asusu, a shiga Payments & subscriptions, sai Subscriptions, a zaɓi manhajar, a danna Cancel subscription. In ta soku, ranar ƙarewa za ta maye gurbin ranar biya na gaba, kuma manhajar za ta yi aiki har ranar. In ba a ga komai ba, a duba ɗaya adireshin Gmail ɗin, ko shafin kamfanin idan can aka sa kati.

Masu dabarar barin asusu ba ko kwabo kuwa, Google kan sake gwada katin na 'yan kwanaki, kuɗi na shigowa ya kwashe.