Martani Ga Mai Cewa Falke Ba Ya Albashi

Marubucin da ya zayyana cewa ɗan kasuwa ya ci ribarsa yadda ta zo, wai tanadi rashin tawakkali ne, haƙiƙa bai lura da mai sayen riɗi a Yankwashi ba, wanda cinikinsa ke bunƙasa da kaka, sa'an nan ya ƙafe da bazara. In ribar shekararsa, alal misali, naira dubu 600 ce, maslaha ita ce ya yanka wa kansa dubu 40 kowane wata, ya keɓe dubu 120 da suka rage, watau guzurin wata uku, kada cefane ya cinye uwar kuɗi tun damina ba ta sauka ba. Annabi Yusufu, alaihissalam, da ya tanadi hatsin shekarun yalwa bakwai, ashe tawakkali ya rasa, Malam?