Idan Marar Lafiya Ya Ce A'a: Darasi Daga Hukunci Biyu Na Kotun Ƙoli

Duk lokacin da labari ya bazu cewa wani marar lafiya ya ƙi ƙarin jini ko tiyata har rai ya yi halinsa, sai mutane su rabu biyu. Waɗansu su ce da likita ya yi masa dole, waɗansu kuma su ce jikinsa ne, ba ruwan kowa. Mu ma a ikkilisiya wannan gardama takan iske mu, domin fastoci da dattawa da matan zumunta su ne sukan tsaya a bakin gadon marasa lafiya. Saboda haka ya kamata mu san abin da doka da ƙa'idar aikin likita suka faɗa.

A watan Agusta na 1991 aka kai wata mata mai shekara 29 wani asibiti a Inugu, makonni kaɗan bayan ta haihu. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai. A asibitin da ta fara kwanciya a Anaca an ce tana bukatar ƙarin jini, ta ƙi, domin ita Mashaidiyar Jehobah ce. Ta zo da takardar da ta sa wa hannu cewa kada a ƙara mata jini ko da ranta na cikin haɗari, mijinta ma ya sa hannu a wata takardar. Dokta Okonkwo ya karɓe ta, ya yi mata jinya ba tare da jini ba. Ta rasu ranar 22 ga Agusta. 'Yan'uwanta suka kai ƙara, kotun ladabtar da likitoci ta dakatar da shi wata shida. Amma a 2001 Kotun Ƙoli ta wanke shi. Ta ce baligi mai cikakken hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa, bisa sashe na 37 da na 38 na tsarin mulki, waɗanda suka kare sirrin rayuwar mutum da 'yancinsa na lamiri da addini.

Masana ɗa'ar aikin likita sukan auna irin wannan lamari da ƙa'idodi huɗu, waɗanda Beauchamp da Childress suka tsara a littafinsu na 1979: girmama ikon mutum a kan jikinsa, yi masa alheri, kauce wa cutar da shi, da yin adalci. Yawancin lokaci huɗun hanya ɗaya suke bi. A kan gadon matar nan kuwa biyu na farko sun yi karo. Alheri ya ce a ƙara jini, gama ƙarin ruwa yana cika jijiyoyi ne kawai, ba ya ɗaukar iskar oksijin zuwa gaɓoɓi, maganin gina jini kuma sai ya yi makonni kafin a ga amfaninsa. Ikon mutum a kan jikinsa ya ce ita ce za ta rayu da abin da aka sa mata a jiki, ita ce kuma za ta amsa wa lamirinta. Kotu ta ba na biyun rinjaye.

Mu ba mu fahimci Ayyukan Manzanni sura 15 a matsayin hani ga ƙarin jini ba. Maganar cin jini ake yi a wurin. Muna iya faɗin haka a fili, cikin ƙauna. Amma rashin yardarmu da dalilin mutum ba ya ba kowa izinin danne shi a soka masa allura.

Sai dai ba kowace "a'a" ce take da wannan nauyi ba. Akwai abubuwa uku da likita zai tabbatar. Na farko, hankalin marar lafiyan yana tare da shi a wannan lokaci? Ana gane haka in ya fahimci bayanin, ya riƙe shi, ya auna shi, ya kuma faɗi zaɓinsa. Hanya mai sauƙi ita ce a ce ya maimaita da bakinsa abin da zai faru in ya ƙi. Wanda ya ce, "Na sani zan iya mutuwa, duk da haka ban yarda ba," ya fahimta. Wanda zazzaɓi ko zubar jini ya ruɗa har bai san inda yake ba, maganarsa ba yanke shawara ba ce. Shi ya sa takardar da matar nan ta sa wa hannu tun da sauran ƙarfinta ta zama hujja babba.

Na biyu, an yi masa bayani sosai? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da marar lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin jinyar da ake da su, da haɗarin kowacce, da ikonsa na ƙi da abin da ƙin zai jawo, a harshen da yake ji. Wanda ya ƙi tiyata domin ya ji ana cewa duk wanda aka yanka ba ya tashi, bayani yake bukata, ba takardar sallama ba.

Na uku, zaɓin nasa ne? A nan muka fi tuntuɓe. Mace takan yi shiru, miji ko suruka su amsa a madadinta. Sa hannun miji ba ya maye gurbin yardar matar da take cikin hankalinta, ko wajen karɓa ko wajen ƙi. Likita nagari yakan fitar da kowa daga ɗaki ya tambaye ta ita kaɗai. Wani kuma yakan ce "ba na so" alhali abin da yake nufi shi ne "ba ni da kuɗi". Wannan ba zaɓi ba ne, talauci ne, kuma a nan ƙa'idar adalci take kiran ikkilisiya ta buɗe baikonta.

Ikon nan kuma yana da iyaka. A watan Mayu na 1997 aka kai wani jariri da bai cika wata ɗaya ba wani asibiti a Legas, da cuta mai tsanani da ƙarancin jini. Mahaifiyarsa ta ƙi a ƙara masa jini saboda bangaskiyarta. Aka samo umarni daga kotun majistare, aka ƙara jinin, yaron ya warke. Uwar ta bi shari'ar har Kotun Ƙoli, a 2019 kotun ta ce an yi daidai. Bambancin a fili yake: matar Inugu ranta ta yanke wa hukunci, wannan kuwa ran wani ne wanda bai isa ya zaɓa ba. Mu lura kuma, ba da ƙarfi aka ƙwace yaron ba, ta hanyar kotu aka bi.

Abu na ƙarshe, girmama "a'a" ba ya nufin a wanke hannu. Wanda ya ƙi jini bai ƙi maganin tsayar da zubar jini ba, bai ƙi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko na rage zafi ba. Yana kuma da ikon sake ra'ayi a kowane lokaci, don haka a riƙa sake tambayarsa ba tare da tsoratarwa ba.

Mu da muke ziyara, kada mu ce wa marar lafiya karɓar magani rashin bangaskiya ne, gama maganarmu tana da nauyin da zai iya zama tilastawa. Mu taimake shi ya yi wa likita tambayoyi, mu bincika a hankali ko kuɗi ne ko tsoro ne matsalar, mu faɗa masa gaskiyar abin da muke gani. In bayan wannan duka ya tsaya a kan maganarsa, mu zauna kusa da shi, mu yi addu'a tare da shi, kada mu bar shi shi kaɗai.