Kowane Misali Yana da Inda Ya Tsaya

Da yawa daga cikinmu sun fara rubuta ƙananan littattafai da darussa domin 'yan Islamiyya da waɗanda suka musulunta kwanan nan, kuma kusan kowa da rukunan imani shida yake farawa: imani da Allah, da mala'ikunSa, da littattafanSa, da manzanninSa, da ranar lahira, da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, kamar yadda suka zo a hadisin Jibrilu, hadisi na 2 a Arba'una ta Imam Nawawi. Duk shidan gaibu ne ko sun jingina da gaibu, shi ya sa muke rugawa neman misali. Ra'ayinmu shi ne, wanda ya kawo misali a aƙida bai gama aikinsa ba sai ya faɗa wa mai koyo inda misalin ya tsaya. Yaro ba ya ɗaukar rabin misali. Duka yake haɗiyewa, har da ɓangaren da ba mu nufa ba.

Mu ɗauki wanda ya fi yawo a bakin mutane: wai Allah kamar sarki ne, mala'iku kuma fadawansa. Yana da saurin shiga kai, domin yaron Wudil ya san hakimi, ya ga dogarai da jajayen riguna. To amma me ya sa sarki yake ajiye fadawa? Saboda ba zai iya zuwa ko'ina ba, kuma bai san abin da ya faru a ƙauye ba sai an kawo masa labari. Yaron da ya haɗiye wannan misali zai tashi da tunanin cewa mala'iku masu rubuta ayyuka suna sanar da Allah abin da bai sani ba ne. A gwada a gani. A tambayi ɗalibi: da mala'ika bai rubuta ba, Allah zai sani? Idan ya yi jim yana tunani, misalin ya riga ya yi ɓarna. Haka nan batun kyamarar tsaro da wasu suka ɗauko kwanan nan, domin kyamara tana da lungun da ba ta gani, kuma in aka ɗauke wuta ta mutu.

Game da zatin Allah kuwa, babu misali sam. Aya ta 11 a Suratus Shura ta kore kamanni da komai, aya ta 74 a Suratun Nahli kuma ta hana buga wa Allah misalai. Abin da ya rage mana shi ne misalin da ke nuni daga aiki zuwa mai aikin. A nan kogin Wudil ya ishe mu. A ce wa yaro ya tsaya a kan gada ya hango kwalekwale cike da yashi, a tambaye shi: zai yarda katako ya haɗa kansa, ya loda wa kansa kaya, ya haye ruwa ba matuƙi? Zai yi dariya. Irin wannan hujjar jirgi ce ake jingina wa Imam Abu Hanifa. Sai a rufe da jimla ɗaya: matuƙin kwalekwale mutum ne, yana gajiya, yana barci, an haife shi, misalin ya nuna mana cewa akwai Mai yi ne kawai, bai faɗa mana yadda Yake ba.

Littattafai da manzanni ba su cika wahala ba. A dai guji cewa Alƙur'ani "sabon bugu" ne na littattafan da suka gabata, domin mu marubuta mun fi kowa sanin cewa sabon bugu gyaran kuskuren marubuci ne. Misalin ɗan aike kuwa yana aiki, muddin an ƙara da cewa ɗan aiken gida yakan manta saƙo ko ya ci canji, manzanni kuma an tsare su daga haka.

Ranar lahira ta zo mana da sauƙi, don Alƙur'ani da kansa ya kafa hujja da busasshiyar ƙasa da ke rayuwa bayan saukar ruwa, a aya ta 5 ta Suratul Hajji da wasu wurare. Duk wanda ya bi hanyar Wudil zuwa Gaya a watan Afrilu, sannan ya sake bi a Agusta, ya ga darasin da idonsa. Wannan ya fi misalin jarrabawa nesa ba kusa ba, a garin da ke da jami'a kuma kowane yaro ya ji labarin satar amsa da maimaita kwas.

Inda aka fi zamewa shi ne ƙaddara. Misalin da ake yawan ji shi ne na malamin da ya san wane ɗalibi ne zai faɗi tun kafin a zauna jarrabawa. Abu ɗaya yake koyarwa da kyau: sanin abu kafin ya faru ba tilasta shi ba ne. Amma malamai suna bayanin ƙaddara a matakai huɗu, wato Allah ya sani, ya rubuta, ya so, ya halitta. Misalin malamin makaranta ya taɓa na farko ne kawai, shi ma a gurguje, domin sanin malami hasashe ne, wani lokaci ɗalibin da aka yanke wa ƙauna ya ba da mamaki. Wanda ya tsaya a nan ya koya wa yaro cewa Allah mai kallo ne daga gefe. Wasu kuma sukan tsallaka ɗaya gefen su ce rayuwa fim ce da aka gama rubutawa, mu 'yan wasa ne. Wannan ya fi muni. Da shi ne yaro zai ƙi karatu ya ce an riga an rubuta.

Muna da abin da ya fi waɗannan, kuma tsoho ne. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba, ya yanke shawarar juyawa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya amsa da misalin mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai su kiwo, da ƙaddarar Allah ya kai su. Labarin yana cikin Bukhari da Muslim.

Mu mayar da shi gida. Makiyayi yana da shanun da yake son kaiwa kara ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil. Gabansa akwai fadama mai ɗanyar ciyawa, akwai kuma fako. Mu tambayi ɗalibi: ina zai kai su? Zai ce fadama. Wa ya zaɓa? Makiyayi. Idan ya kai su fako suka rame, dillali ya karya musu kuɗi, laifin wa? Nasa. To, wa ya halicci ciyawar, da ƙafar da ya taka, da hankalin da ya yi zaɓin da shi? Allah ya san inda zai nufa tun kafin a haife shi? A nan yaro ya riƙe abu biyu a lokaci guda ba tare da ɗaya ya ture ɗaya ba. Sannan mu ƙara masa kashi na ƙarshe: ya kai su fadama, ya yi duk abin da ya dace, sai ciwo ya kama sa guda ya mutu daren Alhamis. Wannan ma ƙaddara ce, kuma a nan ne haƙuri yake shigowa, ba tun farko ba.

Shi ma wannan misalin yana da iyaka. Bai bayyana yadda zaɓin bawa yake haɗuwa da nufin Allah ba, kuma ba don haka aka kawo shi ba. Idan ɗalibi mai kaifin basira ya tambayi wannan, kada mu ƙirƙiro masa sabon misali a tsaye don gudun kunya. Mu gaya masa cewa misali ya ƙare a nan. Kafin rubutun ya tafi wurin mai bugawa kuma, mu kai wa malamin da ya karanci tauhidi ya duba, sannan mu karanta wa yaro ɗan shekara 10, mu ce ya maimaita mana da bakinsa abin da ya fahimta.